Malami ya tsaya gaban allo ko ya koma gefe? Muhawara a zauren malaman Daura

Hafsat: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina koyon aikin koyarwa a wata firamare nan cikin Daura, an ba ni lissafi a aji huɗu, yara sun haura tamanin. Na koyar da kewayen fili da girmansa, na yi bayani a allo, na ba su aiki. Malamin da ya zo duba ni ya rubuta cewa darasina na esenshiyalizim ne zalla, ni kaɗai ke magana, yana so ya ga furogiresibizim idan ya dawo. Mun karanta su a kwaleji, amma yadda za a juya su su zama darasin minti 35 ne ban gane ba. Don Allah a taimaka.

Malam Kabir: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa miki, ƙanwata. Zamanin malami ya tsaya yana zuba yara na kwafa ya wuce. Malami yanzu mai share hanya ne kawai. Ki nemo igiya, ki fita da su fili, su auna da kansu, su gano da kansu. Abin da yaro ya gano da hannunsa ba ya mantawa. Wannan shi ne furogiresibizim, ra'ayin John Dewey masanin ilimi na Amurka, duniya duk can ta nufa.

Baba Hedimasta: Kabiru, yara tamanin za ta saki cikin fili da igiya guda? Kafin su yi layi an buga ƙararrawa. Ɗiyata, ki tsaya gaban allonki. Wanda bai sani ba ba ya gano komai, sai an gwada mishi. Mu da aka horar a tsohon tsarin kwalejin horon malamai, abin da aka ɗora mu a kai ke nan: ka san darasinka, ka bayyana shi sarai, ka ba da aiki, ka bi benci-benci da jan biro.

Maman Abba: Ni dai ina bayan Baba. Tun da aka hana bulala yara suka lalace. Ɗana yana makarantar kuɗi, kullum waƙa da zane, yana aji uku bai iya karanta sunan kakarsa ba. A dawo da dorina kawai.

Malam Lawal: Hajiya, Allah ya shirya mana Abba, amma bulala ba ta cikin wannan gardamar. Akwai malamin da ke tsayawa gaban allo bai taɓa dukan kowa ba, akwai mai fita da yara fili yana zane su. Abin da ake jayayya a kai shi ne: wa ke yanke abin da za a koya, kuma ta ina darasi ke farawa, daga ilimin da ke kan malami ko daga abin da yaro ya riga ya sani yake sha'awa.

Hafsat, bari in ɗan faɗi inda rigimar ta samo asali, don za ki fi gane abin da mai duba ki ke nema. Ra'ayoyin biyu duka a Amurka aka yi su. Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago a 1896. Yaran suna dafa abinci, suna saƙa, suna aikin kafinta, kuma ta nan lissafi da kimiyya da tarihi ke shigowa: wanda zai auna rabin kofin gari dole ya fahimci rabi. Daga baya William Kilpatrick ya fito a 1918 da tsarin koyo ta hanyar aikin da yara suka zaɓa da kansu, abin ya bazu a kwalejojin horon malamai. To a 1938 sai William Bagley da wasu abokansa suka fitar da takardar matsayarsu ta esenshiyalizim, suka ce an wuce gona da iri. Kukansu shi ne ana ciyar da yara aji na gaba ba su iya komai ba, an mayar da sha'awar yaro ita ce alƙali, an raina ƙoƙari da juriya. Suka ce akwai ginshiƙan ilimi da kowane yaro ke da haƙƙin a ba shi ko yana so ko ba ya so, karatu da rubutu da lissafi da tarihi da kimiyya, a jere daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma babba masani ne zai tsara, ba yaro ba.

Baba Hedimasta: To ai wanga Bagley namu ne. Maganar ciyar da yaro gaba bai ci ba, ita ce ta kashe mu nan ma.

Malam Kabir: Amma Malam, tarihi ya nuna Dewey ne ya yi nasara. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ai cewa ta yi a riƙa koyarwa ta hanyar aiki da bincike.

Malam Lawal: Haka take a takarda, Kabiru, ba musu. Takardar nan kuma ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Hafsat tana da ninki biyu da ɗoriya. Makarantar Dewey da yara 16 ta fara, kuma lokacin da ta fi cika yaran wajen 140 ne, malamai 23, ban da mataimaka. Yawancinsu 'ya'yan malaman jami'a da masu hali. Duk wanda zai ce mana mu yi irin ta Dewey, ya fara faɗa mana wannan.

Sannan inda nake ganin ka yi rabin gaskiya: Dewey bai ce malami ya koma gefe ba. A wannan shekarar ta 1938 shi da kansa ya rubuta ɗan littafi yana jan kunnen mabiyansa. Ya ce ba kowane abu da yaro ya yi da hannunsa ne ilimi ba, akwai aikin da ke toshe hanyar koyo na gaba. Ya ce malami shi ne mafi hankali da sani a cikin ajin, barin yara ba jagora gudun nauyi ne. Malamin da Dewey ke so sai ya fi na Bagley sanin darasi, domin shi zai hango inda wasan igiya zai kai yara, ya shirya tambayar da za ta kai su can, ya kuma gane lokacin da suka kauce.

Hafsat: Malam, na gode. Amma a aikace fa? A ce gobe ne darasin.

Malam Lawal: To mu ɗauki darasin naki. Bari Baba ya fara faɗa mana yadda zai yi shi, tunda ya fi mu daɗewa da alli.

Baba Hedimasta: Abu mai sauƙi. Minti biyar na farko haddar sau, baki ɗaya sannan ɗaya-ɗaya, don wanda bai san bakwai sau uku ba babu inda za shi. Sai in zana fili a allo, tsawo 7 faɗi 3, in tsaga shi gida-gida a gabansu, mu ƙirga tare: layi uku, kowane gida bakwai, 21. In ce musu wannan shi ne girman fili, tsawo sau faɗi. Sai in bi gefen da alli in ce wannan kuma kewaye, 7 da 3 da 7 da 3, ya ba da 20. In yi misali na biyu ina tambayarsu mataki-mataki. Na uku su yi, ina zagayawa. Sai aikin gida guda biyar. Washegari da shi za mu fara. Wanda ya faɗi, ya zauna bayan tashi mu sake.

Malam Lawal: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku lura da abin da ke cikin darasin nan. Bai ce su kwafi ƙa'ida ba, ya nuna inda ta fito. Yana tambaya kowane mataki. Yana duba littafi. Yana dawowa kan wanda ya faɗi. Wannan shi ne abin da su Bagley ke nufi. Abin da muke gani a ajujuwa da yawa, malami ya ba monita littafi ya cika allo da rubutu shi kuma ya fita gindin bishiya, ba ra'ayin kowa ba ne cikin biyun. Ina jin zafin yadda ake jingina shi ga masu ra'ayin ginshiƙai, don yana sa ɗalibanmu su ɗauka bayani mai kyau a gaban allo abin kunya ne.

Inda darasin Baba ke iya lalacewa a hannun wanda bai kai Baba ba shi ne yara su riƙe “tsawo sau faɗi” kamar waƙa, ba su san me ake aunawa ba. Ga yadda za ki gane, Hafsat. Ba su fili 7 da 3 ki ce girmansa nawa. Mai cewa 21 ya samu. Mai cewa 20 ya rikita shi da kewaye. Mai cewa 10 haɗa lambobin da ya gani kawai ya yi, bai san ana maganar fili ba. Kowane kuskure da maganinsa daban. Kuma ki guji misalin 6 da 3 ko 4 da 4, domin a nan kewaye da girma lamba ɗaya suke bayarwa, 18 da 18, 16 da 16, sai yaron da ya rikice ya ci maki ki ɗauka ya gane.

Malam Kabir: Yawwa. To ga nawa. Zan ce musu hedimasta ya ba mu waya mai tsawon mita 24 mu killace lambun makaranta saboda awaki. Wane irin fili za mu zagaye don mu sami wurin shuka mafi yawa? Kusan duk za su ce ai duk ɗaya ne, tunda wayar ɗaya ce. Sai mu fita su gwada. Wasu su yi dogo siriri, wasu su yi mai kusurwa daidai. Da idonsu za su ga ba ɗaya ba ne. Wannan mamakin da zai kama su, Baba, allo ba ya ba da shi.

Malam Lawal: Tambayar nan taka ta yi kyau ƙwarai, Kabiru, kuma ita ce zuciyar ra'ayin Dewey: matsala ta gaske, yaro ya yi hasashe, ya gwada, sakamako ya gyara masa tunani. Ga abin da ke cikinta. Waya 24, idan aka yi 11 da 1 fili 11 ne. 10 da 2 ya ba da 20. 9 da 3, 27. 8 da 4, 32. 7 da 5, 35. 6 da 6, 36. Kewaye bai canza ba, girma ya ninka fiye da sau uku. Yaron da ya ga wannan jerin da wuya ya sake rikita su.

Amma ka duba abin da yaro ke bukata kafin ya isa can. Sai ya san tsawo da faɗi za su haɗu su ba da 12, ba 24 ba. Sai ya iya 9 sau 3 ba tare da ya tsaya ƙirga yatsu ba. Kan mutum abu kaɗan yake iya riƙewa lokaci guda idan sabo ne. Wanda ke fama da 8 sau 4 hankalinsa ya ƙare a can, babu sauran da zai lura cewa fili na ƙaruwa idan gefuna suka kusanci juna. A rukuni na yara goma, biyu masu ƙoƙari za su yi aikin, takwas su riƙe igiya. Alamar lalacewar irin wannan darasin ita ce washegari ki tambaye su me muka koya jiya, su ce mun yi wasa da igiya.

Malam Nura: Allah ya gafarta Malam, ni malamin islamiyya ne, amma ina biye. Abin da nake gani kamar mu mun daɗe da raba wannan gardamar. A makarantar allo yaro ba ya zaɓar abin da zai karanta, malam ke biya masa, ya maimaita, ya wanke, a rubuta na gaba. Amma kuma kowane yaro da allonsa da inda ya kai, ba a jan shi gaba sai ya iya, ba a tsare shi don wani bai iya ba. Idan ya girma ya shiga karatun zaure, shi ke ɗauko littafin da yake so ya kai wa malam. To mu wane ɓangare muke?

Malam Lawal: Malam Nura, tambayar ta fi ƙarfin amsa ɗaya. Ta fuskar abin da ake koya da matsayin malam, kun fi kusa da Bagley nesa ba kusa ba: akwai nassi tsayayye, malam ne mai shi, ba a wuce wuri sai an ƙware. Tafiyar kowane yaro da saurinsa kuwa abu ne da masu ra'ayin Dewey za su yaba. Sai dai ba zan ce kun raba gardamar ba, domin manufar ta bambanta. Haddar nassi ana so a adana shi yadda yake, harafi bai canza ba. Dewey yana so yaro ya saba da gwada ra'ayi ya watsar idan bai yi ba. Wannan ya dace da lambu da waya, bai dace da kowane darasi ba.

Malam Nura: Na gamsu da rabin farko. Rabin na biyu sai mun zauna, don a zaure ma ana tambaya ana ja, musamman a fiƙihu.

Maman Abba: Ni fa har yanzu ba a ce mini komai kan Abba ba. In cire shi ne?

Baba Hedimasta: Hajiya, kafin ki cire shi ki je ki zauna da malamarsa. Ki tambaye ta wane harafi da wane sauti suka yi wannan satin, ki ce ta nuna miki littafin da ta duba. In akwai tsari, ki yi haƙuri ki riƙa bita da shi da dare. In ta kasa faɗa miki, to waƙar ba hanya ba ce, cika lokaci ce.

Malam Kabir: Malam Lawal, kamar dai ka karkata wajen Baba. Babu wani bincike da ya goyi bayanmu ne?

Malam Lawal: Akwai. A shekarun 1930 an bi ɗaliban wasu makarantun sakandare 30 a Amurka da aka sakar wa mara su tsara manhajarsu, aka kwatanta su da takwarorinsu bayan sun shiga jami'a. Ba su gaza ba, har sun ɗan fi a wasu fannoni. Amma akwai wani babban gwajin da gwamnatin Amurka ta yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1977 a kan yaran talakawa 'yan farkon firamare, inda aka gwada hanyoyi da dama. Hanyar koyarwa kai tsaye, mataki-mataki da tambaya da gyara nan take, ita ta fi a karatu da lissafi. An yi ta gardama kan yadda aka auna, har yau ana yi. Abin da ni na ɗauka daga biyun: manya da suka riga suka sami tushe suna amfana da 'yanci, ƙanana da ba su da mai koya musu a gida sun fi bukatar malami ya bayyana. Yaron da ubansa malami ne, in makaranta ta bar shi ya gano da kansa, zai gano a gida. Ɗan manomin da ya taho daga ƙauye ba shi da wannan gatan. Shi ya sa raina ke ɓaci idan aka ce wa sabuwar malama ta daina bayani.

Malam Kabir: Ni kuma raina na ɓaci idan na ga ɗan sakandare ya haddace ƙa'ida goma amma a ce ya lissafa bulo nawa za su zagaye gidansu ya tsaya yana kallonka. Shi ma ɗan talakan ne. Kuma a wannan tsarin na allo aka yi shi.

Baba Hedimasta: A tsarin kwafar rubutu aka yi shi, Kabiru, ba a nawa ba.

Malam Kabir: Baba, ai kowa haka yake cewa, na gurɓace ba nawa ba ne. Ni ma zan ce waƙar makarantar su Abba ba tawa ba ce.

Malam Lawal: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Hafsat, ga shawarata, ba dole ba ce. Darasi biyu za ki yi, ba ɗaya ba. Na farko irin na Baba, har sai mafi yawansu sun ba ki 21 a tambayar nan. Na biyu ki kawo tambayar Kabiru, amma cikin aji. Littafin lissafi mai gida-gida shi ne filin, kowane benci su zana lambun da kewayensa gida 24 ne. Kafin su fara ki sa su ɗaga hannu, wa ya ce duk ɗaya ne, ki rubuta yawansu a allo. Minti goma sha biyar suna zane kina zagayawa, kada ki ba da amsa, ki riƙa cewa ƙirga mini gefen in gani. Sai ki tattara abin da suka samu a allo, ki jera daga siriri zuwa mai daidai. Minti biyar na ƙarshe naki ne, ki faɗi abin da aka gano da bakinki a fili, su rubuta. Wannan rufewar ita ce sababbin malamai ke mantawa.

Malam Kabir: Ni da na juya su. Waya tukuna, bayani daga baya. Idan an riga an ba su ƙa'ida, mamakin ya mutu.

Malam Lawal: Akwai masu bincike da ke tare da kai, suna cewa yaro ya fara kokawa da matsala ya kasa, sannan bayani ya fi shiga. Ina ganin hakan na aiki idan suna da abin kokawar. A ajin da rabi ba su riƙe sau ba, ina tsoro.

Hafsat: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Na yi duka biyun yadda Malam ya tsara. Da na tambaya, kusan duk ajin suka ce duk ɗaya ne. Benci na gaba suka samo 8 da 4 da 6 da 6. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta zana 11 da 1, ta ce Malama wannan ai ko akuya ba za ta juya a ciki ba, duk aji aka yi dariya, kuma daga nan ne da yawa suka gane. Amma layuka uku na baya sun zana 23 da 1, wasu 12 da 12, sun ɗauka tsawo da faɗi ne za su ba da 24. Ban kai gare su ba sai da lokaci ya kusa ƙarewa, saboda babu hanyar wucewa tsakanin benci. Rufewar ma a tsaye na yi ta, ana buga ƙararrawa.

Baba Hedimasta: Madalla ɗiyata. Na bayan nan su ne aikinki yanzu. Ki dawo da su gaba sati mai zuwa, ki sake musu kewaye kaɗai, da alli, suna bin gefen da yatsa.

Malam Kabir: Ko kuma ki ba su zare na gaske su lanƙwasa a kan benci. Wanda ya ga zaren ya ƙare kafin ya rufe 12 da 12 ba sai an gaya masa ba.

Hafsat: Zan gwada zaren da na bayan, in ga ko zai yi. Malam Lawal, manhaja ta ce sati mai zuwa in shiga awon ruwa da lita, hedimasta kuma yana duba littafin tsarin aiki duk Juma'a. In tsaya saboda su, ko in wuce in riƙa jawo su a minti biyar na farko?